Shirun Kawu na Sakan Goma Sha Tara

Ni dai tun da nake ban taɓa neman magana na rasa ba, don ita ce sana'ata. Shekara da shekaru ina talla a kasuwannin ƙauye, lasifika ɗaure a kan wata tsohuwar mota da in ta tashi daga Funtua sai mutanen Malumfashi sun ji tarinta. Iri, taki, takalmin roba, fitilar caji, duk abin da aka ɗora mani sai na sayar. Akwai ranar da batirin lasifikar ya mutu a kasuwar Musawa, na ci gaba da baki kawai, babu wanda ya lura sai bayan la'asar. Masu jin haushina suna cewa ƙarya nake. To su je su tambayi jakunan da suka tsinke igiya ranar.

Shi ya sa da 'yar kawuna ta kira ni a waya da kaka, bayan an gama roron wake, ban yi mamaki ba. Malamar gona ce, kullum tana kan babur tsakanin Dayi da Tsiga da ƙauyukan da ke tsakani. Kuma taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya, saboda haka ba ta taɓa yi mani magana da ladabi ba, ni ma ban taɓa roƙa ba.

"Bawana, kana ina?"

"Ina inda kika bar ni, uwar ɗakin ƙarya. Me aka samu?"

"Bakin nan naka da ya hana unguwa sakat, yau dai zai yi amfani. Zo ka sa mani murya a bidiyo."

Abin da ya faru shi ne, ta ɗauki Kawu da wayarta a tsakar gidansa a Dayi, yana nuna yadda ake adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba a zuba wa magani. In an ɗaure shi yadda ya kamata iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu da kansu. Hoto ya fita tas. Sauti ne ya lalace. Injin markaɗen maƙwabta yana ta kuka tun daga farko har ƙarshe, awaki suna amsa mashi, ga wani zakara da ya ɗauka shi aka zo ɗauka. Shi kuwa Kawu in yana aiki ba ya magana. A cikin minti shida, kalma biyu ya faɗa: bismillahi da alhamdulillahi.

Sai an san Kawu za a gane nauyin abin. Mutum ne da ba ya cewa abu yana da kyau sai ya gwada shi kaka uku a gonarsa. A Dayi in gardama ta yi zafi a kan iri ko taki, wani ya ce "ai Malam ya ce," to an gama, kowa sai ya kaɗe rigarsa. Ba shi da mota, ba shi da sarauta, wannan "Malam ya ce" ɗin shi ne dukiyarsa. Wata biyu 'yarsa ta yi tana lallashi kafin ya yarda a ɗauki fuskarsa, kuma da sharaɗi: ba za a nuna wa kowa ba sai ya gani ya amince. Ga shi ranar Asabar akwai taron ƙungiyar manoma, inda take so ta haska bidiyon da majigi, daga nan ta tura wa mutane a wayoyinsu. Bidiyo kuwa in ya shiga waya ɗaya, ba ka da hanyar kiran shi ya dawo.

"Ranar Alhamis mu haɗu a gidan Baba," in ji ta. "Kada ka ba ni kunya."

"Ni? Ki tanadi kujeru, mutane za su suma."

Na fara ɗaukar murya a ɗakina. Ɗakina kuwa bakin titi yake, kuma duk tirelar da ta ratsa Funtua sai ta tsaya ta gaishe ni da hon. Na ɗauka sau huɗu, sau huɗu ana jin mai rake yana kiran ciniki a bayana, har ya fi ni fita. Sai na tuna da wani Alhaji da nake yi wa talla, yana da sito cike da buhunan auduga a bayan kasuwa. Wallahi duk wanda bai taɓa magana a cikin siton auduga ba bai san muryarsa ba. Babu amsa-kuwwa ko kaɗan, audugar tana shanye komai. Na yi gyaran murya, na ji kaina kamar mai karanta labaran duniya. Na danna alamar jirgin sama a waya don kada kira ya shigo ya katse ni. Na sa wa gindin wayar safa, wankakkiya, saboda iskar baki in ta bugi makirfo sai ka ji "buf, buf" kamar ana dukan katifa. Na riƙe ta nesa da bakina kamar taƙi ɗaya. Duk wannan na sani, tallar da nake ɗauka a memori ta koya mani.

Abin da ban yi ba shi ne kallon bidiyon da kyau. Sau ɗaya na kalla, ina cin gyaɗa. Na ce ai zuba wake a buhu ne, ba tiyata ba. Na kashe shi, na buɗe baki.

Na gai da manoma. Na gai da makiyaya. Na gai da shugaban ƙungiya da mataimakinsa da wanda yake son zama mataimaki. Na yi wa damina addu'a, na yi wa ƙwari Allah ya isa. Sannan na zubo bayani tiryan-tiryan kamar ina sayar da maganin basir. Da na saurara, ni kaina sai da na ji ina son sayen buhun.

Matsala ta fito da na shigar da muryar da hoton cikin manhajar haɗa bidiyo. A can za ka ga layi biyu kwance kamar kunyoyin gona: na hoto a sama, na murya a ƙasa, muryar ta zama zane mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Na danna su tafi tare. Ina cikin gai da makiyaya, Kawu har ya gama sheƙe wake. Da na gama gaisuwa na kama gudu, sai na wuce shi fuu, ina cewa a jingine buhu, shi ko zubawa bai gama ba.

Mai hankali zai koma siton auduga ya sake ɗauka. Ni kuwa na ce murya irin wannan ba a taɓa ta, hoto ne zai bi ni. Na daskarar da hoton farko na minti ɗaya da rabi don gaisuwata ta samu wurin zama. Inda Kawu yake nawa, na ƙara mashi gudu ninki biyu. Sai na iso wani wuri da ya ɗaure mani kai. Kawu ya ɗauki ledar ciki, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya murɗe bakinta, ya rungume ta a ƙirji, ya kara kunne, ya tsaya. Can ya wurgar da ita gefe. Ya ɗauki wata, ya sake yin haka, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Na ce a raina, Allah sarki tsufa, ya manta abin da zai yi, ita kuma 'yar tasa ta manta ba ta yanke ba. Na sa almakashin manhaja na cire wurin gaba ɗaya. Har ina jin na rufa wa dattijo asiri.

Ranar Alhamis da hantsi na isa Dayi da sabuwar hula. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Kawu ya sa tabarau, taubashiyata ta zauna gefensa, na jingina wayar da buta na danna.

Hoton da na daskarar, ashe ya kama Kawu ido ɗaya a rufe, baki a ɗan buɗe. Haka ya zauna minti ɗaya da rabi yana kallon kansa, ni kuma ina ta gai da makiyaya a kan fuskarsa. Da hoton ya motsa, sai ga dattijon da bai taɓa gaggawa ba ko a ruwan sama, yana ta wutsil-wutsil da hannu kamar wanda kunama ta harba. Taubashiyata ta cusa mayafi a baki. Kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Kawu bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya naɗe.

"Ɗan nan, wane ne wannan?"

"Kai ne, Kawu."

"Ni na san ba na shan komai. Ina ledar?"

"Wace leda?"

"Wadda na saurara."

"Au, wurin da ka tsaya? Ai na gyara maka shi, Kawu. Babu wanda zai san ka yi mantuwa."

Nan dariyar taubashiyata ta ɗauke. Ta dube ni kamar na zuba gishiri a kunun azumi.  Kawu ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo da buhu da ledoji biyu, ya sa na jawo kwandon wake daga bayan ƙofa.

"Ga shi. Kunna abin naka. Duk abin da bakinka ya ce, hannunka ya yi. Kada ka tsayar."

Jama'a, ban taɓa sanin ni azzalumi ne ba sai ranar. Muryata ta ce a sa leda cikin leda, kafin in raba bakin ta farko ta ce a zuba wake. Ina zubawa ta ce a matse iska. Ina neman igiya ta ce a ɗaure ta biyu. Wake ya watse a zaure, kaji suka shigo taya ni aiki. Muryar nan tawa mai daɗi ta yi sallama da masu kallo, ta yi masu fatan alheri, ni ina durƙushe da igiya a baki, gumi har cikin sabuwar hula.

"To, a hankali yanzu, ƙarasa," in ji Kawu.

Na ƙarasa. Na ɗaure ta ciki, na ɗaure ta biyu, na ɗaure buhun waje. Na miƙe ina haki, na ce ai ga shi dai an yi.

Ya kwance duka, ya juye waken a kwando. Ya ɗauki ledar ciki ya kaɗa ta ta cika da iska, ya murɗe baki, ya manna ta a kunnena ya matsa. Sai na ji wani siririn sauti, sssss, kamar maciji yana gulma.

"Ita ce wadda na wurgar ranar," ya ce. "Hujin bai kai ƙwayar gero ba, ido ba ya ganin shi. Ka zuba wake a nan, ka dawo bayan wata uku ka tarar da gari. Mutum ya yi noma, ya yi roro, ya bi abin da ya gani a waya, ya buɗe buhu da bazara ya ga ƙwari. Fuskar wa zai tuna? Taka?"

"A'a, Kawu."

"Kai murya ce, babu wanda ya san ka. Ni za a nuna a masallaci." Ya juya wurin 'yarsa. "A goge. Ban yarda ba."

Ta ce, "Baba, jibi ne fa taron."

"To a yi taron da baki, kamar yadda aka saba."

Ni dai na san in na bar zauren nan a haka, wata biyun da ta yi tana lallashi ya tafi a banza, kuma har in mutu sunana wanda ya sa Kawu rawa a waya. Na cire hular, na matsa kusa.

"Kawu, ka ba ni gobe kawai. Amma ka zo da kanka ka tsaya a kaina. In bai yi ba, ni zan goge da hannuna, in haɗa da wayar in jefa rijiya."

"Wayar wa?" in ji taubashiyata.

"Taki mana."

Kawu ya daɗe yana kallon kajin da ke tsince waken. Sannan ya ce, "Da hantsi. Kafin masallaci ya kira mu."

Da yammar ranar ni da ita muka zauna muka yi abin da ya kamata in yi tun farko. Muka dawo da bidiyon asali, wanda ban taɓa ba, muka kashe sautinsa. Ta ja layi a tsakiyar takarda. A hagu tana rubuta abin da hannun Kawu yake yi da sakan ɗin da ya fara da wanda ya gama, a dama ni kuma in kawo maganar da za ta shiga wurin. Sheƙe wake, sakan ashirin. Zuba ɗan wake a ledar farko don ta zauna, sakan tara. Sa ta cikin ta biyu, sakan bakwai. Muka gwada da agogo, muka ga in ina magana yadda mutum zai fahimta, ba na wuce kalma biyu zuwa uku a sakan ɗaya. Wato wurin sakan bakwai ba zai ɗauki fiye da kalma goma sha biyar ba, in ana so a bar wa mutum numfashi.

Kalma goma sha biyar! Ni da nake kashe hamsin kafin in gama cewa salamu alaikum.

"Yanke," take cewa.

"Wannan ai ita ce kwalliyar maganar."

"Yanke, bawana. Wake ba ya son kwalliya."

Gaisuwata ta minti ɗaya da rabi ta koma sallama da jimla ɗaya. Shugaban ƙungiya ya fita, mataimakinsa ya bi shi. Na roƙa a bar mani Allah ya isan da na yi wa ƙwari, ta ce in je in yi masu a gida.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Kawu a Funtua, ya sauko daga bas da buhunsa a hammata. Muka shiga siton auduga mu uku. Ya dubi safar da ke gindin wayata, ya dube ni. Taubashiyata ta riƙe tata wayar a gabanmu tana nuna bidiyon ba sauti, tawa tana ɗaukar murya. Kawu ya zauna dab da ni a kan buhu, ya ɗora hannu a gwiwata.

"In na matsa, ka yi magana. In na saki, ka rufe baki."

Muka fara. Na lura yana matsawa tun kafin hannunsa na cikin hoto ya motsa, da ɗan kaɗan. Na tsayar na ce, "Kawu, ka yi sauri, ai ba ka ɗauki igiyar ba tukuna."

"In ka faɗa bayan na ɗauka, labari ka ba shi. In ka faɗa tun ina wani aikin, ka ruɗa shi. Ka faɗa ina shirin ɗauka, don idonsa ya riga ni isa wurin. Ka taɓa jan shanun huɗa? Gabansu kake, amma igiya ba ta tsinke ba."

Mutumin da bai taɓa buɗe manhaja ba ke nan. Ita kuwa 'yar tasa sai gyaɗa kai take, wai haka aka koya masu a wajen horo, da dogon Turanci.

Jimla-jimla muka riƙa ɗauka. In na yi tuntuɓen harshe, sai in tafa hannu sau ɗaya in maimaita, don tafin yana fitowa a zanen murya kamar doguwar ƙaya, in an zo yanka ba sai an sha wahalar nema ba. Gwiwata kuwa ta ga ta kanta. Yatsun manomi ba wasa ba ne. Inda ya murɗe bakin leda bayan ya matse iska, ya lanƙwasa shi biyu, ya ɗaure, sai da muka maimaita sau shida, don kullum sai in ce "ɗaure" tun yana matsewa. Ya ce wanda ya ɗaure da iska a ciki ya yi wa ƙwari ɗaki da fanka.

Amma babban aikin shi ne wurin sauraron ledar. Ta farko dai da sauƙi: ya cika ta da iska, ya rungume, ya kara kunne, ya wurgar. Ta biyun ce bala'i. Daga lokacin da ya kara kunne zuwa lokacin da ya ɗago kai ya gamsu, sakan goma sha tara ne cif. Kawu ya ɗauke hannunsa daga gwiwata gaba ɗaya, ya sa a aljihu.

Na daure sakan huɗu. Na ce, "Kawu, ko in ɗan gai da shugaban ƙungiya a nan? Ga fili."

"A'a."

"To kiɗa fa? Ɗan kaɗan, can ƙasa-ƙasa."

"Da kiɗa kake sauraron huji?"

"To mu rage shi ya koma sakan biyar."

"In ka nuna masu biyar, biyu za su yi. Ƙaramin huji ba ya magana da wuri, sai ka matsa ka jira shi."

Taubashiyata ce ta kawo maganar da ta tsayar da mu duka. Ta ce ita ta san mutanenta. In murya ta ɗauke ɗif na sakan goma sha tara, rabinsu za su fara bubbuga waya a tafin hannu, sauran su ce bidiyon ya lalace su wuce gaba. Gaskiya ta faɗa, ni kaina da haka zan yi. Muka yi shiru muna tunani, wanda a wurina shi ma wani sabon abu ne. Sai na ce a ba ni jimla biyu kafin shirun, ba a cikinsa ba. Kawu ya ce in faɗa ya ji.

Na matsa kusa da safa na ce, "Yanzu zan yi shiru, ba wayarka ce ta lalace ba. Malam yana sauraro, kai ma saurara."

Kawu ya ɗan yi murmushi, na farko tun Alhamis. "Wannan ta zauna."

Saura sautin hujin ledar farko, don mutane su san abin da ake nema da kunne. A bidiyon asali injin markaɗe ya cinye shi. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, na tattara leɓe na yi "sssss" mai kyau, irin wanda ko maciji zai yi sha'awa. Kawu ya ce ba za a yi ƙarya da fuskarsa ba. Ashe hujajjiyar ledar tana cikin buhun da ya zo da shi. Ya cika ta da iska, na cire safa na kai makirfo dab da hujin, ya matsa. Muka ɗauki kukanta na gaskiya. Muka sake ɗaukar lafiyayyar leda ita ma, ya rungume ta sakan goma sha tara, ba a jin komai sai ɗan ƙaƙas-ƙaƙas na leda a jikin riga da numfashin ɗaki. Wannan muka shimfiɗa a ƙarƙashin shirun, don shirun da babu komai a cikinsa kwata-kwata kunne yana jin shi kamar an ɗauke wuta.

Bayan an sauko daga masallaci na zauna haɗawa. Wannan karon ban taɓa layin hoto ba ko da sakan ɗaya. Layin murya na yayyanka gunduwa-gunduwa, ina jan kowace da yatsa har bakinta ya zauna kamar rabin sakan kafin hannun Kawu ya motsa. Kukan hujin na ajiye shi daidai inda damtsensa ya matse ledar. Na daidaita ƙarfin gunduwoyin don kada wata ta yi ihu wata ta yi raɗa. Na saurara da iyafis a kunne, sannan na saurara da lasifikar wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, don da irinta mutanenmu za su ji.

Kawu ya ce bai gama ba. Ya miƙo mani buhu da ledoji, ya aro wake kwano goma a wurin Alhaji mai sito, ya ce in sake bin bakina. Na bi. Wannan karon muryar tana jirana kamar abokin tafiya na kirki. Da ta ce in saurara, na rungumi leda na kara kunne, ina tsaye a tsakiyar sito kamar mai jinyar jariri. Na gama ɗaurin ƙarshe, muryar ta ce a ɗora buhu a kan katako nesa da bango saboda ɓera, ta yi sallama.

Kawu ya zagaya buhun, ya taɓa ɗaurin ɗaya bayan ɗaya.

"A nuna," ya ce.

Ranar Asabar aka haska shi a bangon wani aji da aka rufe tagoginsa. Ajin ya cika har ƙofa, ana ta surutu kamar kullum, wani yana amsa waya, wani yana cinikin tunkiya da na kusa da shi. Da kukan hujin ya fito, sssss, sai na ji wani a baya ya ce, "Kai! Ashe haka take yi." Muryata ta ce za ta yi shiru. Ta yi. Ajin nan kaf ya yi tsit. Wani tsoho a layin gaba ya karkata kai ya sa hannu a bayan kunne, yana taya Kawu na jikin bango saurare. Ni ina tsaye a gefe ina ƙirgawa a zuci, harshena yana ƙaiƙayi kamar na ci ɗanyen gwaza. Da Kawun bango ya ɗago kai, sai da na ji mutane sun saki numfashi tare.

A waje akwai wani mai sayar da buhunan da ya kasa kaya a gindin bishiya, yana jiran a fito. Aka fito kuwa. Kafin ka ce me, ga dattawa sun kai ashirin a tsaye, kowa ya rungumi leda cike da iska ya kara kunne, babu mai magana. Mai buhu yana ta cewa, "Alhaji, sababbi ne fa, daga kamfani suke!" Wani ya ɗaga mashi hannu ya ce, "Yi mana shiru, Malam ya ce a saurara."

Kawu yana zaune a benci yana kallonsu. Taubashiyata ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, in tura masu?" Ya ce ta tura. Ta juyo wurina.

"Bawana, ka san inda ka fi burge ni a duk bidiyon nan?"

"Na sani. Kada ki faɗa."

Ta faɗa, da ƙarfi, a gaban mutane.

Bayan kamar wata biyu ina talla a kasuwar Tsiga, na buɗe lasifika har ƙarshe ina yabon wata fitilar caji da na ce tana haska gobe tun yau. Sai wani bawan Allah da buhu a kafaɗa ya tsaya, ya karkata kai yana sauraron muryata. Ya matso ya ƙwanƙwasa gilashin mota. Na rage sauti, na gyara hula, don na san an gane ni.

Ya ce, "Malam, don Allah, ba kai ne mai shirun nan ba?"